Rigar da Baba bai taɓa sawa ba

Hoto ɗaya tak mahaifinmu ya bari, ɗan ƙarami na katin shaida, wanda aka ɗauka a Malanbil. Yana sanye da wata taguwa koɗaɗɗiya, irin wadda yake shiga kasuwar dabbobi ta Gene da ita. Bara ƙanena ya ce zai sauya masa tufa a salula, ya mai da shi dattijon zamanin Dahome, kafin 1975 da aka sake wa ƙasar suna. Fuska kuwa, in ji shi, ba za ta motsa ba.

Ya ɗauki hoton a inuwar zaure, ya ɗora a manhaja, ya rubuta cewa a sa babbar riga da rawani na da. Abin da ya fito ya yi kyau ainun, har na yi shiru. Inna ce ta karɓa, ta matso da shi kusa da ido, ta ce, "Wannan ba malam ba ne. Ina zanensa?"

Gaskiyarta. Baba Bakabe ne, iyayensa daga wajen Argungu suka zo, kuma zanen Kabawa na kwance a kumatunsa. Manhajar ta ɗauke shi a matsayin karcen tsohuwar takarda, ta share. Ashe ba ɗinka riga take yi a jikin hoto ba; sake zana hoton take yi gaba ɗaya, duk abin da ba ta saba gani a fuska ba sai ta gyare shi. Ta miƙe masa hanci, ta cike gemun nan nasa mai tsilli-tsilli.

Tufafin ma sun yi ƙarya. Rawanin ya fito da kunne biyu, naɗin 'ya'yan sarauta, alhali Baba dillalin shanu ne. Rigar tana ƙyalli kamar shaddar Sallar bana. Saƙin da kuwa ƙyalle ne siri-siri da masaƙi ya fitar, a jera a haɗa, ana ganin layin ɗinki daga kafaɗa har ƙasa. Rigar da aka ce ta da ce, in babu wannan layin, a yi shakkarta.

Karo na biyu sai ƙanena ya shafa yatsa daga wuya zuwa ƙasa, ya keɓe wannan wurin kaɗai don sauyi. Muka haƙura da rawani, domin yana bin goshi da haɓa, ba ya naɗuwa sai an taɓa fuska. Muka ajiye hotunan biyu gefe da gefe, muka duba kunne, muka ƙirga zane. Ya cika.

Inna ta yarda shi ne. Amma da aka wanko babba za a rataye, sai ta ce a liƙa ƙaramin na asali a kusurwarsa, kada jikoki su tashi suna cewa kakansu ya mallaki riga mai aska takwas. Bai taɓa ba; ranar aurensu ma ta yayansa ya ara.