Rigar wani da sababbin maɓallai

A shekarata ta biyu a sashen nazarin kasuwanci aka ba mu jinga kan yadda kamfani ke karkasa kasuwa. Na buɗe littafin Philip Kotler da Gary Armstrong, Principles of Marketing, bugu na 17 na 2018, na samu ma'anar da suka bayar, na zauna ina yi mata kwaskwarima. Inda kalmarsu ke nufin rabawa na sa mai nufin kasawa, inda suka ce masu saye na ce kwastomomi. Na liƙa sunansu da shekara a ƙarshe, na miƙa hankalina kwance.

Da takardar ta dawo, malamin ya ja wa jimlar layi da jan biro, ya rubuta in same shi a ofis. Ya ajiye littafin gefe da takardata, ya ɗora yatsa a kan kowanne, yana tafiya da su tare gaɓa bayan gaɓa. Inda tasu ta tsaya tawa ta tsaya, abubuwa ukun da suka jero ni ma na jero su a bisa tsarin nan.

"Ranka ya daɗe, ai na sa sunansu," na ce.

"Ka sa. Sunan ya gaya mini tunanin nasu ne. Rashin alamar zance kuwa ya gaya mini jimlar taka ce, kuma ba taka ba ce. Rigar mutum ka ɗauko ka canja mata maɓallai."

Hanya biyu ce kawai, in ji shi. Ma'ana ta littafin karatu an tace ta sosai, kowace kalma da aikinta, shi ya sa take da wuyar juyawa. In ita kanta ake so a tattauna, a kawo ta yadda take cikin alamar zance, da suna da shekara da lambar shafi. In kuwa fahimtarta ake so a nuna, a rufe littafin, a faɗa wa wanda bai taɓa shiga aji ba, sannan a rubuta abin da baki ya faɗa.

Na gwada da ƙanwata a daren. Na ce mata mai sayar da madarar gari ba ya kallon jama'a a dunƙule, domin mai shayi da ke sayen babban gwangwani daban yake da uwar da ke sayen ƙaramin ƙunshi na kofi ɗaya, don haka sai ya ware su, kowa ya yi masa nasa shiri da farashi. Daga nan na gina jimlata: na fara da dalilin rabawar, na ƙare da rabawar kanta, akasin jerin littafin. Sannan na buɗe littafin na gwada jimlolin biyu, in tabbatar ban karkatar da ma'anar ba. Suna da shekara dai suna nan, tunda har yanzu tunanin nasu ne:

```
(Kotler and Armstrong, 2018)
(Kotler & Armstrong, 2018)
```

Na farkon shi ne abin da galibin jagororin Harvard ke so, na biyun na APA ne. A tambayi sashe wanne yake bi, a kuma tsaya a kansa har ƙarshe. Sunan fasahar kansa, wanda duk masu fannin ke kiran abin da shi, ba a canja shi. Neman wata kalma a madadinsa shirme yake haifarwa.

Laifi na biyu ya fi ba ni kunya. A shafi na uku na danganta ginshiƙai huɗun nan, wato kaya, farashi, wuri da talla, ga E. Jerome McCarthy, na rubuta 1960. Gaskiya ne, a littafinsa Basic Marketing na wannan shekarar ya tsara su haka. Sai malamin ya tambaye ni launin bangon littafin. Na yi shiru. A wani littafin karatu na tsinci sunan da shekarar. Abin da ya kamata shi ne in kawo McCarthy da shekararsa, in bi shi da `cited in`, ko `as cited in` a APA, sannan littafin da na riƙe da hannuna, kuma shi kaɗai zai shiga jerin manazarta.

Shekara ma tana da tarko. Littattafan nan ana sake buga su a kai a kai, shafuka suna matsawa, wani lokaci har lafazin ma'anar ya sauya, saboda haka shekarar bugun da ke gabanka ake rubutawa. Ni kwafin hoto nake karantawa, wanda aka fara ɗauka daga babi na ɗaya, babu shafin da ke ɗauke da shekara. Sai da na koma laburare na nemo ainihin littafin na duba bayan shafin take, kafin na sake miƙa jingar ranar Litinin.