Yaron garaji a Sakabal: nawa za a ba shi, kuma yaya za a yaye shi?



Akwai maganar da iyayen gidan sana'a ke yi da ɗaci, kuma ban ɗauke ta da wasa ba: "Ka koya wa yaro aiki, ka ci da shi, ranar da hannunsa ya faɗa sai ya kafa rumfa a gabanka ya kwashe maka mutane." A Maraɗi ko Kano wannan ƙaramin ciwo ne, domin babura sun fi ƙarfin masu gyara. A Sakabal kuwa abin ya bambanta. Baburan da ke shigowa daga ƙauyuka da rugagen kwarin Tarka sanannu ne, masu su ma an san su da suna, kuma mafi yawan cinikin mako a ranar kasuwa ake yin sa. Idan rumfa ɗaya ta zama biyu, baburan ba su ƙaru ba. Saboda haka tsoron maigida yana da tushe.

Sai dai maganin da aka saba yi wa wannan tsoro shi ne yake jawo abin da ake gudu. Maganin kuwa kashi biyu ne: a hana yaro kuɗi don kada ya tara jari, a kuma ɓoye masa zuciyar aikin don kada ya iya tsayawa shi kaɗai.

Mu fara da ɓoyon aiki. Kowa ya san yadda ake yi. Yaro zai shekara uku yana faci, yana canza mai, yana ɗaure sarƙa, yana wanke karbirato da matatar iska da rairayin ƙasarmu ke toshewa. Amma da zarar za a buɗe inji, sai a aike shi sayen shayi. Ba zai ga yadda ake daidaita alamar T ta jikin magineto da alamar da ke kan haƙorin sama kafin a mayar da ƙaramar sarƙar cikin inji ba, ba kuma zai san tazarar da ake bar wa bawul ba. To wannan yaro ba zai fasa tafiya ba don an ɓoye masa. Zai tafi da rabin sani, ya buɗe injin wani makiyayi da ya sayar da tunkiya don gyara, ya mayar da sarƙar a kan kuskure, bawul ya daki fistan ya lanƙwashe. In aka tambayi wa ya yi wannan ɓarna, ba za a kira sunansa ba, cewa za a yi "yaron wane ne". Sunan maigida ne ya ɓaci. Kuma da yake ya san aikinsa bai kai ba, da abu ɗaya kawai zai iya jan mutane, wato karya farashi.

Karya farashin nan ya fi raba mutane illa. Aikin da ake karɓar jika guda kuɗin hannu, in ya fara yin sa a dala 150, cikin ƴan makonni duk wanda ya zo wurinka zai ce maka "can ga yaronka dala 150 ne". Ko mutum ɗaya bai bar ka ba, ka yi asarar kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin hannunka, kai da duk masu gyaran da ke layin. Ƙwararren da ya san darajar aikinsa ba ya yin haka, sai wanda ya fita da yunwa da fushi.

Yanzu batun kuɗi, wanda shi ne na fi so mu tsaya a kansa. Abin da aka saba shi ne "kuɗin sabulu": in maigida ya ji daɗi ya miƙa dala 40, in ransa a ɓace yake ko kasuwa ba ta ci ba, yaro ya tafi hannu rabbana. Ƙanƙantar kuɗin matsala ce, amma rashin sanin ranar samunsa ya fi ta. Saurayi mai shekara 18 da ba ya iya cewa ga abin da zai samu a wata, dole ya nemi na gefe. Alamun kuwa ba sa ɓuya. Za ka ga wayarsa tana yawan ƙara yana komawa bayan rumfa kafin ya amsa. Zai riƙa ɓacewa tsakanin azahar da la'asar. Sufana mai lamba 10 da mai lamba 12 za su kwana a waje su dawo da safe. Sannan mai babur zai zo ya same ka zaune, maimakon ya ce ga matsalata, sai ya ce "ina yaron nan?" In ka ga waɗannan, ya riga ya buɗe garajinsa a cikin naka, rumfa ce kawai bai kafa ba.

Ga tsarin da nake ganin ya fi adalci. Lissafin misali ne, kowa ya gyara shi daidai da cinikinsa, amma ginshiƙinsa shi ne a ɗaura rabon yaro a kan aikin da hannunsa ya gama, ba a kan yanayin zuciyar maigida ba.

Shekarar farko yaro bai kawo komai ba tukuna, hasali ma yana ɓata kusoshi. Haƙƙinsa abincin rana da wani abu tsayayye, a ce dala 50 duk ranar aiki. Kada ya wuce haka, kada kuma ya yanke ko da ranar babu ciniki.

Shekara ta biyu ya fara gama ƙananan ayyuka shi kaɗai: faci, birki, sarƙa, canjin mai. A ce ayyukansa suna kawo jika 24 na kuɗin hannu a wata. A ba shi kashi ɗaya cikin huɗu, jika 6, ban da abinci. Jika 4 a hannunsa, jika 2 a asusu. A shekara asusun ya tara jika 24.

Shekara ta uku a buɗe masa inji, ya canza ringi da fistan, ya gyara kuloci, ya bi waya ya gano inda wuta ta yanke, kai kana tsaye a kansa. A ce yanzu yana kawo jika 45 a wata. Kashi ɗaya cikin uku nasa ne, jika 15: goma a hannu, biyar a asusu. Wannan shekara ta ƙara jika 60. Ranar yaye yana da jika 84 na sayen kayan aiki, kuma guminsa ne ba sadaka ba. Maigida ya duba nasa ɓangaren: a shekara ta ukun nan kaɗai jika 30 ke shigo masa kowane wata daga hannun yaron, jika 360 ke nan a shekara. Ko an cire abinci da abin da ya ɓata a farkon zuwansa, wahalar koyarwa ta biya kanta.

Asusun nan shi ne ke riƙe yaro har ƙarshe, domin wanda ke da ajiya a gaba ba ya guduwa a tsakiyar shekara ta biyu. Amma kada kuɗin ya zauna a aljihun maigida. Ranar da aka matsu za a taɓa shi, ranar yaye kuma a fara "ka dakata sai kaka", daga nan zumunci ya lalace. A ajiye shi wurin wani dattijo da ɓangarorin biyu suka yarda da shi, a riƙa rubutawa a littafi, mahaifin yaro ya san adadin.

Akwai abin da ya shafi ƙasarmu wanda dole a faɗe shi tun ranar farko, wato damina. Yaron yankin nan ɗan gona ne kafin ya zama ɗan garaji. In ruwa ya sauka mahaifinsa zai neme shi shuka da noma, kuma yana da gaskiya. A yanke tun farko kwana nawa zai yi a gona, a kuma yarda cewa bayan kaka, lokacin da hatsi da wake suka shiga kasuwa kowa ya fito da baburinsa gyara, ba lokacin tafiya biɗa Agadas ko Najeriya ba ne. Yara da yawa a daidai nan suke ɓacewa, kuma a daidai nan maigida ya fi bukatarsu.

Duk wannan a rubuta shi a takarda gaban shaidu. Ba baƙon abu ba ne: dokar aiki ta Nijar ta shekarar 2012 ta san yarjejeniyar koyon sana'a, ta ce a rubuce ake yin ta, kuma ta sa shekara 14 a matsayin mafi ƙarancin shekarun ɗaukar yaro. Tun watan Janairun 2024 kuma mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne a wata. Na san garajin ƙauye ba ya iya biyan ɗan koyo wannan kuɗi, ba kuma shi nake nema ba. Amma wanda ya shekara biyar, yana buɗe inji ya rufe ba tare da kai ba, ya daina zama ɗan koyo. Ma'aikaci ne, kuma riƙe shi a kan kuɗin sabulu cin haƙƙi ne, ko da an kira shi tarbiyya.

Saura tambayar da muka faro da ita: in an yaye shi, ina zai zauna? Nan ne hikimar maigida take. Ƴan kasuwar Ibo sun daɗe da gane wannan. Yaro ya yi wa ubangidansa shekaru, a sallame shi da jari, sau da yawa kuma ya dawo yana sarin kaya a wurin wanda ya sallame shi. Mu ma muna da hanyar. Akwai ƙauyukan da babur ke lalacewa sai an ɗora shi a amalanke an kawo shi Sakabal ko an wuce da shi Dakoro. Ka zauna da yaron da mahaifinsa tun ana saura wata shida, ku zaɓi irin wannan wuri. Ka ba shi kayan gyara bashi, tayoyi da tub da fulogi da man inji, ya sayar ya kawo kuɗi ya ɗauki wasu. Aikin da ya fi ƙarfin kayan aikinsa ya turo maka. Kai kuma ka matsa gaba, ka ƙarfafa sayar da kayan gyara da kake sarowa daga Maraɗi, domin duk rumfar da ya kafa a wani gari ta zama mai sayen kayanka.

Idan kuma ya nace sai a Sakabal zai zauna, ba ka da ikon hana shi, garin ubansa ne. Abin da za ka nema a gaban shaidu abu biyu ne: kada ya karya farashin da masu gyara suka tsayar, kada kuma ya bi mutanenka gida yana zuga su. Wanda ya je wurinsa da ƙafarsa, rabonsa ne. Wasu za su tafi, wannan babu makawa, kuma gara ka shirya masa tun yanzu ta hanyar rage yawan yaran da kake ɗauka. Garajin da ke cin kasuwa ɗaya a mako bai kamata ya tara yara biyar masu shekaru ɗaya ba, domin a shekara ɗaya za su balaga da aikin, kuma babu garin da zai ɗauke su duka. Ɗaya babba, ɗaya ƙarami a bayansa, ya isa.

Iyaye, in za ku kai yaro wurin mai sana'a, kada ku tsaya a "ga shi nan, amana". Ku tambayi shekara nawa zai yi, me za a riƙa ba shi, wa zai riƙe asusunsa, da kuma inda zai zauna bayan yaye. Ku kuma iyayen gidan sana'a, wanda ke da yaron da ya wuce shekara uku a hannunsa, don Allah ya kira mahaifinsa a wannan makon su sa ranar yaye.