Shaidar Baki a Gabashin Sakkwato, Shaidar Takarda a Jamus

A Kagara da garuruwan da ke bakin gulbin Rima, daga Goronyo zuwa Wurno, idan yaron shago ko direban tarakta ya bar ubangidansa, ba kasafai yake tafiya da takarda ba. Wanda zai ɗauke shi sai ya buga wa tsohon maigidan waya, ko ya tambayi mai unguwa: "Alhaji, yaya yaron nan yake?" Amsar takan fito ba rufa-rufa: "Ba ya taɓa kuɗin mutane, amma akwai saurin fushi." Wannan shaida tana da ƙarfi, domin mai ba da ita ya san za a sake haɗuwa da shi a kasuwa ko a masallaci. Rauninta shi ne ba ta wuce inda aka san mai maganar. Matashin da neman abinci ko rashin tsaro ya kai Kano ko Abuja, can ba wanda ya san Alhaji, sai a ce ya kawo wanda zai tsaya masa.

A nan Jamus inda nake zaune, takardar shaidar aiki haƙƙin ma'aikaci ce. Sashe na 109 na dokar sana'o'i ya wajabta wa ubangida ya ba duk mai barin aiki takarda mai nuna irin aikin da ya yi da tsawon lokacinsa. Idan ma'aikacin ya nema, dole a ƙara bayani kan ƙwazonsa da halinsa. Kotuna kuma sun ce takardar ta zama gaskiya, ta kuma kasance da kyakkyawar niyya, kada ta toshe wa mutum hanyar abinci.

Haɗa waɗannan sharuɗɗa biyu shi ya haifar da matsala. Da yake manaja ba ya son a kai shi kotu, sai yabon kansa ya koma maki. Idan an rubuta cewa mutum ya gamsar matuƙa a kodayaushe, ya ci makin farko. Idan an ce ya gamsar sosai ba tare da "kodayaushe" ba, matsakaici ne. Idan aka ce "ya yi ƙoƙari", kowane mai ɗaukar aiki ya san an kayar da shi. Haka nan takardar mai riƙe kuɗi da ba ta ambaci amana ba, shirun kansa zargi ne. A 2014 babbar kotun ƙwadago ta ƙasar da ke Erfurt ta tabbatar da cewa wanda ke son makin da ya wuce matsakaici, shi zai kawo hujja. Baƙon da bai san wannan ba zai riƙe takardar da ke rage masa daraja yana murna.

Saboda haka ba ina kiran a kwaikwayi Jamus sak ba. Abin da nake so shi ne manajojinmu su zuba gaskiyar da suke faɗi da baki a takarda. A ɗauki misalin mai kula da sito a wurin dillalin taki da albasa a Goronyo. Takardar da aka saba gani tana cewa shi mai gaskiya ne, mai ƙwazo, mai ladabi. Kowa ana rubuta masa haka, don haka ba ta gaya wa mai karatu komai.

Takarda mai amfani za ta fara da ranar da ya kama aiki da ranar da ya bari, da matsayin mai rubutun a kansa. Sai ta faɗi aikin: yana karɓar buhunan taki, yana rubuta shiga da fita, leburori shida na ƙarƙashinsa, makullin sito na hannunsa. Sai hujja guda da manajan ya gani da idonsa: an ƙidaya kaya ƙarshen kowane wata har shekara uku, sau ɗaya aka rasa buhu biyu, kuma shi ya fara kawo rahoto kafin a tambaye shi. Sai iyakarsa: lissafinsa a littafi yake yi, bai taɓa aiki da kwamfuta ba. Wannan bayani yana taimakon sabon maigida ya san abin da zai koya masa. A ƙarshe a faɗi dalilin tafiyarsa, da ko za a sake ɗaukarsa, sannan sa hannu da lambar wayar da za a iya kira.

Akwai abin da bai kamata ya shiga ba: jita-jita, rashin lafiya, sha'anin iyali, da zargin da ba a tabbatar ba. Idan kuwa manaja ba zai iya shaidar amanar mutum ba, ya tsaya kan kwanan wata da irin aikin. Wanda ya rubuta "amintacce" don jin kunyar iyayen yaro ya cuci wanda zai damƙa masa sito gobe, kuma duk yaron kirkin da zai fito daga gidansa nan gaba, takardarsa ta rage nauyi.