Wata Biyu Ba Warkewa Ba Ne

Da Baba ya cika wata biyu yana shan maganin tarin fuka, tari ya lafa, zufar dare ta ɗauke, har ya soma neman ƙarin tuwo. Sai muka daina tsayawa a kansa da asuba mu ga ya haɗiye.

Ranar karɓar magani ma'aikaciyar jinya ta ƙirga ƙwayoyin, ta ga rarar kwana tara. Ta ce wata biyun farko, masu magani huɗu, sauƙi kawai suke kawowa. Wata huɗun gaba ne ke kashe ragowar ƙwayoyin cutar. In aka yi tsallake, cutar tana iya dawowa ta ƙi jin magani.

Muka koma gida, muka buɗe tagogin ɗakinsa, muka rataya kalanda. Kullum ɗayanmu yana kai masa ruwa, sai ya haɗiye a ja layi.