Bashin da Ke da Damina

Mu da muke aikin ƙarfi a Jidda, da yawanmu da gona muka sayi hanya. An jinginar da gonar gado, aka biya dillalin biza da kuɗin jirgi. Ita kuwa jingina ba ta karɓar biyan kaɗan-kaɗan. Mai kuɗi zai ci gaba da noma gonar har ranar da aka cika masa kuɗinsa cif. Ko saura naira dubu goma ne, amfanin gona nasa ne.

Shi ya sa lissafinmu yake bin damina. Idan mai jingina ya riga ya kai taki ya yi shuka, ba mai tashinsa sai ya girbe. Wanda ya makara da wata guda ya yi asarar hatsin shekara, kuma shi ne dai zai sayi geron da za a ci a gidan.

A ɗauki ɗayanmu mai albashin riyal 1,200. Abinci da katin waya suna cin 300, saura 900. An jinginar da gonarsu a kan naira miliyan ɗaya da rabi. In riyal tana naira 400, bashin ya kama riyal 3,750. Idan ya ware 500 duk wata daga Satumba, ya tura 400 gida, zai cika a Afrilu, kafin ruwa ya sauka. Idan kuwa ya ji tausayi ya tura 600, ya ware 300, sai ya yi wata 13. Ƙarin 200 ɗin nan ya cinye damina guda.

Kuɗin fansar ba ma tura shi gida a ajiye. Kuɗin da ke ɗakin uwa ba ya tsallake suna, ko asibiti, ko azumi, kuma ba mai zarginta. Ga kuma naira: tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 ta zube warwas, alhali riyal tana ɗaure da dala a kan 3.75. Don haka muke zuba adashi a nan, mutum takwas, 500 kowanne, mai jingina ya roƙi kwasar Maris ko Afrilu. Haɗarinsa ɗaya: in kamfani ya riƙe albashin mutum biyu, zubi ya tsaya.

Mafi wuya shi ne wayar gida. “Ɗan nan, abin da ka turo bai kai ƙarshen wata ba.” Gaskiya ta faɗa. Abin da muka ga yana aiki shi ne a gaya wa iyaye adadin da watan da za a gama, a gaban kawun da ya shaidi jinginar. Haƙurin wata takwas da aka san ƙarshensa ya fi sauƙin ɗauka. Amma ranar da aka ce Inna tana kwance, ba wanda yake buɗe littafin lissafi. Gonar sai ta jira baɗi.