Daƙiƙa talatin don kek ɗin dabino

Daƙiƙa 30 a rediyo ba ta ɗaukar fiye da kalmomi 60 zuwa 70 idan ana so mai sauraro ya fahimta, kuma a ciki za a bar wa kiɗan buɗewa da na rufewa gurbinsu. Na san wannan ne a lokacin da wata 'yar'uwata mai ƙaramin gidan kek a Wudil ta fito da sabon kek na dabino da kwakwa, ta ce in rubuta mata talla.

Ta zo da jerin abubuwa: burodi, cincin, dubulan, kek ɗin biki, lambobin waya biyu. Na ce, "Yaya, abin da ya kai ki gidan rediyo sabon kek ne, a bar shi ya yi magana shi kaɗai." Ga abin da muka tsayar, sai dai na sakaya sunan gidan:

Ɗiya: Umma, wannan ƙamshin fa?
Uwa: Sabon kek ne daga Gidan Wance, na dabino da kwakwa.
Ɗiya: Kamar kunun aya?
Uwa: Ɗanɗana ki ji. Zaƙinsa na dabino ne, ga laushi.
Mai shela: Kek ɗin dabino da kwakwa, sabon gashi kowace safiya. Gidan Wance, Wudil, dab da gada in ka fito daga Kano. Ranar Juma'a ɗanɗano kyauta ne. Gidan Wance, dab da gada.

Layin kunun ayan nan shi ya fi cin mana lokaci. Kunne ba ya ɗanɗano, kuma "daɗi ba a magana" kowane mai talla yana faɗa, har ya daina shiga kunnen kowa. Amma duk Bakano ya san yadda dabino da kwakwa suke haɗuwa a kunun aya, da an ambata shi yawu zai tsinke.

Lambar waya kuwa mun cire ta. Lambobi 11 ne, karanta su a tsanake na cin daƙiƙa shida ko bakwai, kuma direban da ke kan titin Kano zuwa Maiduguri ba shi da biro a hannu. Gadar Wudil ba ta ɓuya, shi ya sa muka maimaita ta tare da sunan gidan. Farashi ma ba mu saka ba, don kuɗin fulawa da sukari ba sa tsayawa wuri guda, tallan kuma naɗaɗɗe ne.

Juma'a ce ranar kasuwar Wudil, don haka muka nemi a riƙa saka shi daren Alhamis da safiyar Juma'a. Kafin mu je naɗa, na sa ɗiyar Yaya ta karanta da ƙarfi ina duba agogon waya. Duk inda numfashinta ya sarƙe, a nan muka rage kalma, har ya tsaya a daƙiƙa 27, sauran ukun na kiɗa.