Adashin Hajiya a unguwar Zariya

A unguwar Zariya ta Maraɗi akwai wata Hajiya mai saida atamfa wadda ta kafa adashi bayan kaka. Ba ta yanke zubi bisa ƙarfin masu hali ba. Mai ƙaramin ƙarfi ta tambaya abin da za ta iya bayarwa a watan da kasuwa ta mutu, domin zubin da ya fi ƙarfin mutum guda shi ke karya adashin kowa. Aka tsaya kan jika goma kowane hannu, wato sefa 10.000 a wata.

Wani ɗan kasuwa ya ɗauki hannu biyu, mutum takwas hannu ɗai-ɗai, mata huɗu na Jiratawa kuma suka haɗu bibbiyu, kowace tana zuba jika biyar. Hannu 12 ke nan, wata 12, daga Nuwamba zuwa Oktoba, kwasa kuma jika 120.

Gardama ta tashi wajen jerin kwasa, kowa na son gaba. Hajiya ta yi musu lissafi: wanda ya kwashi farko jika goma ya zuba, saura jika 110 bashi ne a wuyansa ba riba. Na shida ya zuba sittin, ana bin sa sittin. Na ƙarshe kuwa shi ya ranta wa kowa. Ta tuna musu Janairun 1994 da aka karya darajar sefa: wanda ya kwasa kafin lokacin ya sari kaya da tsohon farashi, na baya ya riƙe kuɗin da suka rage auki.

Saboda haka ta kafa sharuɗɗa. Mai hannu biyu zai kwashi ɗaya a rabin farko, ɗaya a rabin baya. Baƙon da ba a san mu'amalarsa ba sai bayan wata na shida, kuma da wanda ya tsaya masa. Wani malamin makaranta na Tibiri ya zaɓi Oktoba da kansa, don sayen littattafan yara. Sauran aka rubuta lambobi aka zuba a ƙwarya, yaro ya ɗebo. In an sake zagaye, na ƙarshe shi ne na farko.

A wata na bakwai albashin malamin ya makara. Hajiya ta cike masa daga jarinta ba fargaba, domin yana da jika sittin a ciki, bai kuma kwasa ba. Amma da wani da ya kwasa tun Disamba ya fara aiko yaro da rabin zubi, ranar nan ta saka mayafi ta tafi shagonsa da shaidu biyu. Jika hamsin ke kansa, kuma da bakinta aka shiga adashin. Ya biya kafin kasuwar Juma'a, amma a zagaye na biyu sunansa na can ƙasan takarda.